Kaya Shida Masu Shiga Juna: Yadda Ɗaliba Za Ta Tsara Ƙaramin Jerin Tufafi Daga Allo Har Zuwa Ɗinki

Idan aka ce wa ɗalibar zanen tufafi ta fito da ƙaramin jerin kaya a ƙarshen zango, abin da ya fi zuwa mata a rai shi ne ta zauna ta zana riguna goma sha biyu masu ɗaukar ido, kowacce da nata salon, sannan ta shiga kasuwa neman yadin da zai fitar da su. Daga nan matsalar take somawa. Ranar nuni za a rataye kayan, kowanne yana da kyau shi kaɗai, amma babu wanda ya san ɗan'uwansa. Siket bai hau da rigar da ke kusa da shi ba, wando yana jiran wata riga da ba a ɗinka ba. Ƙaramin jeri ba taron kyawawan kaya ba ne. Kaya ne 'yan kaɗan da aka ƙirƙira tare, domin mutum ɗaya ya riƙa juya su yana samun shiga iri-iri.

Tunanin ya daɗe. Susie Faux, wata mai kantin tufafi a Landan, ita ce ta yaɗa shi a shekarun 1970, cewa mace ta mallaki 'yan kayan da ba sa tsufa da wuri kuma suke hawa da juna. A 1985 kuma Donna Karan ta fito da jerinta na farko a New York da kaya bakwai kacal, akasarinsu baƙaƙe, an gina su a kan riga guda mai kama jiki wadda ake ɗora sauran a kanta, don macen da ke fita aiki da safe ta wuce taro da yamma. Abin koyi a nan ba salon kayan ba ne, domin nasu yanayi daban, namu daban. Abin koyi shi ne an san wadda ake yi wa ɗinkin, kuma an takura wa kai a yawa.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce ke ɗaliba ce a Kano, an ba ki mako 10, kuma kin yanke shawarar yin kaya shida.

Kafin ki manna komai a allo, ki rubuta wadda za ta sa kayan, a jimla biyu ko uku. Kada ki rubuta “matan zamani”, wannan ba kowa ba ce. Ki rubuta wani abu kamar haka: mace 'yar shekara 28 zuwa 35, tana aiki a ofis ko tana koyarwa, tana hawa a-daidaita-sahu safe da yamma, tana sallar azahar da la'asar a wurin aiki, kuma kayan na bazara ne, watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke kai maki 40. Ki dubi yawan shawarar da wannan 'yar rubutun ta yanke miki tun ba ki ɗauki fensir ba. Hannun riga dole ya naɗu har gwiwar hannu saboda alwala. Siket dole ya ba ƙafa damar ɗagawa a shiga a-daidaita. Yadi mai roba ya fita daga lissafi saboda gumi. Wuya kuma ba zai yi zurfin da zai buɗe idan an yi ruku'u ba. Duk lokacin da kika rasa abin yi a gaba, wannan takardar za ki koma wa.

Sai allon. Allo ne na kwali ko katako mai laushi da ake manna hotuna, ƙyallaye, zare, da duk abin da ke nuna inda tunaninki ya dosa. Kuskuren da na fi gani a wurin ɗalibai shi ne cika shi da hotunan rigunan da wasu suka riga suka ɗinka, waɗanda aka kwaso daga waya. Allon da ya cika da rigunan mutane, rigunan mutane zai haifa. Idan kina son abin da zai fito ya zama naki, ki nemo abin da ba tufafi ba, ki je inda yake da ƙafarki.

A misalinmu, kin zaɓi marinar Ƙofar Mata. Ki je da safe ki zauna, ki duba da kyau. Bakin rijiyoyin rinin da suka yi zobe-zobe a ƙasa. Kumfar da ke taruwa a saman ruwan baba, mai sheƙi kamar tana son komawa ja. Yadda ƙyalle ke fitowa daga rijiya kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonki. Tokar da ake haɗa ruwan da ita, da launin ƙasar wurin, da hannun marini da shuni ya kama har wuyan hannu. Ki ɗauki hoto bayan kin nemi izini, ki sayi 'yan ƙyallaye, mai duhu da mai haske da wanda aka ɗaure kafin a rina. Da kin dawo gida ki baje komai a ƙasa, sannan ki fara aikin da ya fi wuya, wato cirewa. Daga abu 40 ki bar 10 ko 12. Duk abin da zai zauna a allon, ki iya faɗin aikinsa da baki: wannan launi yake ba ni, wannan siffa, wannan kuma laushi ko kaushin yadi. Wanda kika ce “kawai dai yana burge ni”, ki ajiye shi don wani aikin.

Akwai gwaji mai sauƙi da zai nuna miki ko allon ya nuna. Ki kira wata da ba ta san me kike yi ba, ki nuna mata, ki ce ta faɗi kalma uku. Idan ta ce sanyi, natsuwa, gargajiya, kuma abin da kike nufi ke nan, to allon yana magana. Idan ta tsaya tana tambayar ko kayan biki ne ko na ofis, akwai sauran tankaɗe.

Daga allon za ki fitar da launuka, kuma kada su wuce huɗu. A nan mun samu shuɗi mai duhu wanda ya kusa baƙi, shuɗi mai haske, ruwan toka, da ruwan madara, sai zare ruwan ƙasa da za a yi ɗan aiki da shi. Ba daidai za a raba su ba. Ɗaya ya zama uwa, ya ci fiye da rabin jerin, a nan shuɗi mai duhu. Sauran su zama masu taya shi. Launi kuwa a kan ƙyalle ake yanke shawararsa, ba a fuskar waya ba, kuma a hasken rana, domin shuɗin da kika gani a ƙarƙashin fitilar shago ba shi za ki gani a tsakar gida ba.

Yanzu ga inda nake son ki saɓa wa abin da zuciyarki ke so. Zuciya tana son zane, amma yadi ne gaba. Ki shiga Kantin Kwari ba da niyyar sayen yadin jerin ba, sai da niyyar sayen yadi ɗaya-ɗaya na iri uku ko huɗu don gwaji. Tunda rini za a yi, sai auduga zalla, domin baba ba ya kama zaren roba yadda ya kamata. Mai shago zai ce miki auduga ce, kuma watakila shi ma haka aka ce masa. Ki zare 'yan silin zare ki kusanta su da ashana a wuri mai aminci: auduga tana ci da wuta tana warin takarda, ta bar toka mai laushi, mai roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. Ki tambayi faɗin kowane yadi ki rubuta, za ki ga amfaninsa nan gaba. Ki kuma tambayi ko akwai shi da yawa, domin babu baƙin ciki kamar ki gama gwaji ki dawo ki tarar bandir ɗin ya ƙare.

A gida ki yi wa kowane ƙyalle gwaji uku. Na farko na tsukewa: ki zana murabba'i mai inci 20 a kowane gefe da biro, ki wanke, ki shanya, ki goge, ki sake aunawa. Idan ya koma inci 19, yadin yana tsukewa da kashi 5 cikin 100. A ido kamar ba komai, amma a doguwar riga mai tsawon inci 58 kusan inci 3 ke nan, rigar da ta sauka har idon sawu za ta ɗage bayan wankin farko. Maganinsa a wanke yadin gaba ɗaya kafin almakashi ya taɓa shi. Na biyu na zubi: ki riƙe ƙyallen ta kusurwa ɗaya ki ga yadda yake sauka. Wanda ya zubo yana lanƙwasa ya dace da doguwar riga da mayafi, wanda ya tsaya ƙyam ya fi dacewa da wando da rigar sama. Ki tuna cewa sabon yadi yana ɗauke da sitati, sai bayan wanki yake nuna halinsa na gaskiya. Na uku, ki ɗaga shi a rana da hannunki a baya. Idan kina ganin yatsunki, ko dai a yi masa shafi, wanda zai ƙara zafi da kuɗi, ko a canza shi.

Wanda ya tsallake, ki kai wa marini ya rina miki 'yan gutsattsari. Duhun shuɗin baba ba daga ƙarfin tsomawa ɗaya yake zuwa ba, daga yawan tsomawa da fitarwa ne, ana bari iska ta buge shi a tsakani. Saboda haka ki nemi a yi miki mataki biyu ko uku, ki zaɓi mai duhunki da mai haskenki, ki yanka kowanne gida biyu, rabi a wurinki, rabi a wurin marini ya zama abin kwatance. Bayan ya bushe ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a kai da ƙarfi sau goma. Zai yi shuɗi, wannan halin baba ne. Abin tambaya shi ne bayan wanki nawa yake dainawa. Ki riƙe wannan a rai, zai dawo mana.

Sai yanzu zane. Ki zana da yawa, 30 ko 40, ƙanana, da sauri, ba tare da ɓata lokaci a kan fuska da takalmi ba. Amma zaɓen da za ki yi daga cikinsu ba na wanda ya fi kyau ba ne, na waɗanda suka fi zama lafiya da juna ne. A misalinmu mun tsaya a kan waɗannan: doguwar riga guda, buɗaɗɗiyar rigar sama mai tsawo da ake ɗorawa kamar abaya, wando mai faɗin ƙafa, dogon siket, da riguna biyu, ɗaya mai sauka har cinya, ɗaya gajera kaɗan mai ɗaurin gefe. Ki yi lissafi: riga 2 a kan na ƙasa 2 sun ba da shiga 4, doguwar riga ta zama ta 5, kowacce kuma ana iya sa ta da rigar sama ko babu, shiga 10 ke nan daga kaya 6. Da dogayen riguna shida kika zana, da shiga shida kawai kika samu.

Ki yanka zanen kowane kaya daban da almakashi, ki riƙa jera su a kan tebur kina musanyawa. A nan ne ɓoyayyun rigingimu ke bayyana. Za ki ga rigar da ta sauka har cinya ta yi kyau a kan wando, amma a kan siket mai buɗewa ta mai da mutum kamar tanti, faɗi a kan faɗi. Sai ki zaɓa: ko a rage buɗewar siket ya sauka kusan a miƙe da tsaga ta baya mai ninki, ko a rage tsawon rigar. Za ki kuma ga hannun gajerar rigar da kika yi masa kumbura ba zai shiga cikin hannun rigar sama ba. Ƙa'idar ita ce duk abin da za a ɗora a sama, ramin hammatarsa ya fi na abin da ke ƙasa zurfi da aƙalla inci 1, hannunsa kuma ya fi faɗi. Ban da doguwar riga mai zaman kanta, kayan da bai hau da aƙalla biyu daga cikin sauran ba, ya fita, ko da shi kika fi so. Na san yana da ciwo, domin sau da yawa shi ne zanen da kika fi ɓata wa lokaci. Ki ajiye shi a littafi, ranarsa tana zuwa.

Me zai sa mai kallo ya gane kayan 'yan gida ɗaya ne? Launi yana yin rabin aikin. Sauran rabin wata 'yar alama ce da ke maimaituwa. Mu mun ɗauki siffar aska, wadda ake gani a aikin babbar riga, dogon tsini mai siririn baki, muka rage ta ta zama ƙarama, da zare ruwan ƙasa. Tana wuyan doguwar riga, tana bakin aljihun wando, tana gefen rigar sama. Ba a kan duka shidan ba, domin idan riga da siket da rigar sama duk suna ɗauke da ita a shiga ɗaya, ta yi yawa. Haka kuma a cikin jerin a bar kaya ɗaya kawai ya yi magana da ƙarfi. A nan doguwar rigar ce, wadda za a ɗaure yadinta kafin rini ya fito da zobba irin na bakin rijiyoyin marina. Sauran biyar su yi shiru su ba ta wuri.

Kowane kaya da ya tsira sai a yi masa zane na biyu, marar ado, gaba da baya, kamar an shimfiɗa shi a tebur, da kowane layin ɗinki, wurin zif, aljihu, da awo a rubuce. Wannan zanen ne tela ke karantawa. Ɗalibai suna yawan mantawa da baya, sai ranar yanka a tsaya ana tambayar ta ina za a shiga rigar.

Lissafin yadi yana bin faɗinsa, shi ya sa na ce ki rubuta. Ɗauki doguwar rigar: tsawo inci 58, da kalmasa da ɗinkin kafaɗa a ce 60, hannu inci 24. A yadi mai faɗin inci 45, gaba da baya ba za su zauna gefe da gefe ba, sai ɗaya bayan ɗaya: 60 da 60 da 24, inci 144, wato yadi 4 cif. A mai faɗin inci 60 kuwa, idan kowane ɓangare bai wuce inci 28 ba, za su zauna tare, sai 60 da 24, inci 84, ƙasa da yadi 2 da rabi. Ki sa 3 saboda aljihu da shafin wuya. Kin ga yadin da ya fi tsada a kan kowane yadi ɗaya yana iya zama mafi araha idan ya fi faɗi. A jerinmu, da mai faɗin 60: doguwar riga 3, rigar sama 3, wando 2 da rabi, siket 1 da rabi, riguna biyu 2 kowacce. Jimla yadi 14. Ki ƙara na tsukewa da na kuskure, ki sayi 16. Daga ciki, wanda za a rina da duhu, na doguwar riga da rigar sama da wando, yadi 8 da rabi ne, kuma dole a rina su lokaci ɗaya a rijiya ɗaya. Ruwan baba yana da rai, ƙarfinsa na yau ba shi ne na mako mai zuwa ba. Idan kika rina wando yau, rigar sama bayan kwana goma, za ki samu shuɗi biyu da ba su yi daidai ba kuma ba su bambanta sosai ba, abin da ido ya fi ƙi ke nan.

Kada almakashi ya taɓa wannan yadin sai kin yi ɗinkin gwaji. Ki fitar da takardar yanka ta asali guda ta saman jiki, guda ta ƙasa, daga awon mutum ɗaya, wadda za ta sa kayan ranar nuni. Daga ta saman za ki fitar da riguna biyu da doguwar riga da rigar sama, ta hanyar ƙara tsawo da faɗi. Wannan yana rage aiki, yana kuma sa kafaɗa da wuya su zama iri ɗaya a duk jerin. Idan ƙirji inci 38 ne, rigar bazara ta yadin da ba ya miƙewa tana son sarari na inci 4 zuwa 6 a kai, rigar sama fiye da haka. Sai ki yanka a akoko ko wani yadi mai araha da nauyinsa ya yi kusa da na gaske, ki haɗa da dogon ɗinki mai sauƙin farkewa, ba kalmasa, ba ado.

Ranar gwaji kada ki bar ta ta tsaya ƙiƙam a gaban madubi. Ta ɗaga hannu sama, ta miƙa su gaba kamar mai rubutu a allo, ta zauna a kujera, ta sunkuya, ta naɗe hannun riga har gwiwa, ta ɗaga ƙafa ta taka benci. Ke kuma ki karanta yamutsin da yadi ke yi, domin yana faɗin inda ciwon yake. Layukan da suka kwanta a gicciye, a ƙirji ko a ƙugu, matsi ne, a ƙara faɗi. Ninkin da ya sauko a tsaye, yadi ne ya yi yawa. Layukan da suka karkace kuwa, ki bi su da ido, suna nuna wurin da ke jan yadin, sau da yawa kafaɗa ko ƙirji. Idan ta ɗaga hannu rigar gaba ɗaya ta biyo ta sama, mutane sukan ɗauka hammatar ce ta matse su ƙara zurfafa ta, alhali sau da yawa zurfin ne ya yi yawa, ɗaga ramin hammatar sama kaɗan shi ke sakin hannu. Ki yi alama da biro a jikin akokon, ki mayar da kowane gyara kan takarda a ranar, kafin ki manta. Wando kusan kullum yana buƙatar gwaji na biyu. Sannan ki sa mata gwajin rigar sama a kan gwajin kowace riga, domin a jere za a sa su.

Ga maganar shuni ta dawo. Rigar sama mai duhu za ta zauna a kan riga ruwan madara, a bazara, da gumi. Idan bayan wanki uku ko huɗu farin ƙyalle yana ci gaba da ɗaukar shuɗi, wuyan rigar da hammatarta za su ɓaci tun a fitar farko. Hanya biyu gare ki. Ko ki yi wa rigar sama shafi mai haske a wuya da kafaɗa da hammata, inda gugar ta fi yawa, ko ki haƙura da ruwan madarar ki mai da rigar ruwan toka, wanda ba ya tona asiri. Ni na biyun zan zaɓa, domin shafi zafi ne, kuma takardar da kika rubuta tun farko ta ce kayan bazara ne. Allon zai rasa launi guda, amma mai sa kayan za ta iya haɗa su ba tare da fargaba ba.

Game da lokaci, daga ranar nuni ake ƙirgowa baya. A mako 10, na ƙarshe na guga da hoto ne da abin da ba a zata ba, kada ki sa ɗinki a ciki. Uku kafin shi na yanka da ɗinki. Biyu kafin su na takardar yanka da gwaji, kuma a cikinsu ne yadi yake wurin marini. Huɗun farko su ne na allo, kasuwa, gwajin yadi da zane. Duk aikin da zai fita daga hannunki, rini ko aikin zare, ki ba shi ninkin lokacin da aka ce miki, musamman idan sallah ta gabato, lokacin da masu aikin wuya ke kwana a shago. Ɓangaren da za a yi wa aiki kuma a kai shi a shimfiɗe, an zana siffarsa da alli amma ba a haɗa ba, ya fi sauƙin shiga keke, kuma idan aikin ya ja yadin za ki iya daidaitawa wajen yanka.

Wajen yanka ki kula da tsayin zare. Kowane ɓangare ya bi gefen yadi a miƙe, ki auna daga gefen zuwa layin da ke kan takarda a sama da ƙasa ki ga sun yi daidai. Ƙafar wandon da aka yanka a karkace don tsimin yadi za ta murɗe bayan wanki, kuma babu gugar da ke gyara ta. Ki fara ɗinka mafi sauƙi, siket, domin hannunki ya saba da yadin ki kuma daidaita keke, doguwar rigar ta zo a tsakiya lokacin da hannu ya faɗa kuma ba a fara gaggawa ba. Ki goge kowane layin ɗinki da zarar kin gama shi, kafin wani ya hau kansa, da ƙyalle tsakanin dutsen guga da yadin da aka rina. Siket da doguwar riga ki rataye su kwana ɗaya kafin kalmasa, domin gefen da ya ɗan karkata yana saukowa. Cikin kayan ma a gama shi iri ɗaya a duka shidan, malamai da masu saye suna juya riga su duba.

Kowane kaya ki buɗe masa shafi a littafi: zanensa, ɗan ƙyallensa a manne, yadi nawa ya ci a zahiri, kuɗin rini da zare da zif da aiki, da awa nawa kika yi a kansa. A ce, don misali kawai, yadi ɗaya naira 4,000 ne, doguwar riga ta ci 12,000 tun kafin rini da ladan hannunki. Ɗalibai da yawa ba sa lissafa lokacinsu, sai su sa farashin da ba zai biya ɗinki na biyu ba. Idan wata ta gani a nuni ta ce tana so, wannan shafin ne zai ba ki damar faɗin kuɗi da ranar karɓa ba tare da kame-kame ba.

A makon ƙarshe ki sa wa mai nunin duk shiga goman, ɗaya bayan ɗaya, da mayafi da takalmin da za ta fita da su, ki ɗauki hoton kowacce a inuwa da safe ko da la'asar, a jikin bango marar ado, domin rana tsaka tana cinye shuɗi mai duhu ta mai da shi baƙi. Ki jera hotunan kusa da allon. Idan akwai shigar da ta fita daban, yawanci tsawo ne ko kalmasa, kuma kina da sauran kwanaki da yadi kusan 1 da kika ajiye don gyara ta.